Jimlar sharaɗi a Turanci: daga abin da zai iya faruwa zuwa abin da bai taɓa faruwa ba

Jimlar sharaɗi ita ce wadda ake rataya faruwar wani abu a kan faruwar wani. A Turanci tana da ɓangare biyu: na sharaɗi, wanda galibi yake farawa da kalmar *if*, da kuma na sakamako. Littattafan koyar da Turanci sun saba kasa ta gida huɗu, daga sifili zuwa uku, amma duka huɗun ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su. Duk lokacin da mai magana ya ƙara nisanta zancensa daga abin da yake ganin zai yiwu, sai ya ja aikatau taki ɗaya zuwa baya.

Hausa ba haka take yi ba. Bahaushe yana sauya kalmar sharaɗin ce kanta. In abu mai yiwuwa ne sai ya ce “in” ko “idan”: idan aka yi ruwa, za mu yi shuka. In kuwa abu ne da bai faru ba, sai ya koma ga “da … da”: da an yi ruwa, da mun yi shuka. Bature yana riƙe da *if* a duka biyun, don haka nauyin bambancewa ya koma kan aikatau.

Mu ɗauki manomi ɗaya da gonarsa ta gero. Idan yana bayyana abin da ke faruwa kullum, zai ce *If it rains, the ground gets soft*, wato duk sanda aka yi ruwa ƙasa takan yi laushi. Aikatau biyun suna cikin sigar lokacin yanzu, kuma ana iya sa *when* a gurbin *if* ba tare da ma'ana ta sauya sosai ba. Wannan shi ake kira sharaɗin sifili.

A farkon watan Yuni, hadari ya haɗu ta gabas, sai ya ce *If it rains tomorrow, we will plant*. Ruwan bai tabbata ba, amma yana sa rai. Wannan shi ne sharaɗi na ɗaya. Abin lura shi ne ko da yake zancen gobe ake yi, ɓangaren *if* ba ya ɗaukar *will*. Sigar yanzu yake ɗauka. A nan masu jin Hausa kan yi tuntuɓe iri biyu. Wasu sukan ce *If it will rain tomorrow*, saboda ganin cewa abin na gaba ne. Wasu kuma sukan ce *If it rained tomorrow, we will plant*, domin a Hausa “idan aka yi ruwa” da “idan ya zo” suna amfani da sigar aikin da ya kammala, sai su kwaso ta zuwa Turanci. Akwai kuma wani tarko: “idan” tana ɗaukar ma'anar *if* da ta *when*. Wanda ya ce wa abokinsa *when I get paid* ya tabbatar masa kuɗi na zuwa, wanda ya ce *if I get paid* kuwa ya bar ƙofar shakka a buɗe.

Yanzu a mayar da manomin watan Janairu, tsakiyar hunturu, sama ba ko gajimare. Zai iya cewa *If it rained tomorrow, everyone would be surprised*. Kalmar *rained* siga ce ta lokacin da ya shuɗe, ga kuma *tomorrow* a gefenta, amma jimlar daidai take. Sigar ba lokaci take nunawa ba, tana nuna cewa mai magana bai ɗauki abin a matsayin mai yiwuwa ba. Wannan shi ne sharaɗi na biyu, kuma *will* ma yana ja da baya ya zama *would*. Da shi ake zancen halin da ba a ciki yanzu: *If I had a tractor, I would plough ten hectares*. Mai wannan magana ba shi da tarakta. A rubutu na hukuma ana fifita *were* a kan *was* ko da mutum ɗaya ake nufi, shi ya sa mai ba da shawara ke cewa *If I were you*, wato da ni ne kai.

Bambancin na ɗaya da na biyu yana da tasiri a ciniki. Dillalin da ya rubuta *If you pay by Friday, we will deliver on Monday* ya yi tayi da za a iya riƙe shi a kai. Wanda ya rubuta *If you paid by Friday, we would deliver on Monday* ya sassauta, yana gwada ra'ayi ne ko yana nuna ladabi, bai ɗaure kansa kamar na farko ba.

Sharaɗi na uku shi ne na abin da ya riga ya wuce kuma ba a yi shi ba. A ƙarshen Yuni, ruwa ya yi jinkiri, manomin ya ce *If it had rained last week, we would have planted*. Tunda zancen baya ake yi, kuma sigar baya mai sauƙi an riga an ba ta aikin sharaɗi na biyu, dole a ƙara ja taki ɗaya: *had* da siga ta uku ta aikatau a ɓangaren sharaɗi, *would have* da siga ta uku a ɓangaren sakamako. Mai sauraro yana fahimtar abubuwa biyu da ba a furta ba: ba a yi ruwa ba, ba a kuma yi shuka ba. Wannan shi ne gidan “da na sani”, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Bature kan ce *If I had known*, ko ya jefar da *if* ya gabatar da *had*, ya ce *Had I known*.

Wahalar da ke nan ita ce “da … da” ta Hausa tana iya rufe na biyu da na uku gaba ɗaya. “Da ina da kuɗi, da na sayi taki” na iya nufin yau, na iya nufin bara. Mahallin zance ne ke fayyacewa. Turanci yana tilasta zaɓi tsakanin *If I had money, I would buy fertiliser* da *If I had had money, I would have bought fertiliser*. Maimaita *had* sau biyu ba kuskuren bugawa ba ne: na farko mataimaki ne, na biyu shi ne aikatau na mallaka. Kafin a fassara, sai a tambayi kai ko damar tana nan ko ta wuce. A kuma kula da gajarce *'d*, domin a *If I'd known, I'd have come* na farko *had* ne, na biyu *would*. A Turancin baka, musamman na Amurka, ana jin *If I would have known*, amma masu duba jarrabawa da editoci ba sa karɓar sa a rubutu.

Ɓangarorin biyu ba dole su zauna a lokaci ɗaya ba. *If it had rained last week, the ground would be soft now* sharaɗinta na makon jiya ne, sakamakonta na yau. Haka kuma ba kowace sigar baya bayan *if* ce ke nufin ƙage ba. Wanda ya dawo daga tafiya bai san abin da ya faru a ƙauye ba zai iya cewa *If it rained there last week, they have already planted*. A nan *rained* lokaci take nunawa da gaske, kuma mai magana bai kore ruwan ba, bai dai sani ba ne. Ana gane wannan ta duba ɓangaren sakamako: in babu *would*, *could* ko *might* a cikinsa, to galibi sharaɗin a buɗe yake.