Daga Jiragen Siminti zuwa Kwantena: Asalin Tsadar da Kaya Ke Kwasowa a Apapa

Duk lokacin da kayan waje suka yi tsada a Kantin Kwari ko Sabon Gari, gardama kan rabu gida biyu. Wasu su ce dala ce, wasu su ce son zuciyar 'yan kasuwa ne. Kowa da gaskiyarsa, amma ni a ganina an bar babban dalili a baya, wato jira. Jirgi na jira a bakin teku, kwantena na jira a cikin tasha, tirela na jira a kan titi, kuma kowace rana ta wannan jira akwai kuɗinta. Ciwon ya kai rabin ƙarni a jikin tashar Legas.

Tun a shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka gina matsayar jiragen ruwa ta Apapa, bayan layin dogo ya riga ya iso Kano a 1911. Tsarin nasu na fitar da gyaɗa da fata da auduga ne, kuma jirgin ƙasa ke kai kaya har bakin ruwa. Ita kuwa kwantena daga baya ta zo. A 1956 wani Ba'amurke mai harkar motocin dako, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgi ɗaya daga Newark zuwa Houston, daga nan dakon teku ya fara araha a duniya. Sharaɗin wannan araha ɗaya ne: akwati ya yi ta yawo, kada ya zauna.

Shekarar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce 1975. Kuɗin mai ya shigo, gwamnatin Janar Gowon ta ba da odar siminti kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa ta hannun Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Legas ba ta iya sauke fiye da kusan tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu watanni suna jira. Kowane jirgi yana cajin kuɗin jinkiri a kullum, ko ya sauke kaya ko bai sauke ba, siminti kuma ya sha danshi ya daskare a cikin wasu jiragen. Abinci da magani da kayan masana'antu suka rasa hanyar shigowa. Gwamnatin Murtala ta soke odoji ta kafa bincike, aka kuma yi gaggawar gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

A nan aka yi kuskuren da muke biya har yau. An ƙara wurin tsayawar jirage, amma an bar layin dogo ya mutu, kaya suka koma kan tirela gaba ɗaya, ta tituna biyu kacal da ke shiga Apapa. A 1995 aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, ya zama duk gurbin da ɗan kasuwarmu zai samu a jirgi yana hannun kamfanonin waje. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanoni hayar tashoshin, sauke kaya ya yi sauri na wasu shekaru, amma titunan suna nan yadda suke. Daga 2017 zuwa 2020 direbobi kan kwana makonni a layi. A ƙarshen 2020 fitar da kwantena daga tasha zuwa cikin garin Legas ya haura naira miliyan ɗaya, kusan abin da ake biya a kawo ta daga Sin.

Ana cikin haka annobar korona ta hargitsa dakon duniya. Matsakaicin kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin teku bai kai dala 1,500 ba a 2019, amma a watan Satumbar 2021 ya haura dala 10,000. Masu jirage suka karkata jiragensu da kwantenoninsu inda riba ta fi, wato tsakanin Sin da Amurka da Turai. Tashar da ke riƙe jirgi makonni uku, ta kuma riƙe fankon kwantena wata guda kafin ya dawo, ita ake fara rage wa gurbi, ita ake ɗora wa ƙarin kuɗin cunkoso. Ɗan kasuwa a Guangzhou zai biya kuɗi, a ba shi rana, sai ranar ta zo a ce an ɗage kayansa zuwa jirgi na gaba. Haka aka sake gani a 2024, lokacin da hare-hare a Bahar Maliya suka sa jiragen Turai zagaye ƙasan Afirka. Jiragen da ke zuwa Legas daga Sin dama can ta nan suke bi, duk da haka dako ya hau mana, domin doguwar tafiyar wasu ta cinye jiragen da kowa ke rabawa.

Mu ɗauki misali don a ga yadda kuɗin ke gangarowa kan mai saye. A ce wani ya loda fanka 2,000 a kwantena ɗaya, dako ya tashi daga dala 3,000 zuwa 9,000. Kowace fanka ta ɗauki ƙarin dala 3. Kwastan kuma ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke lissafin haraji ba, suna haɗawa da dako da inshora. In harajin kashi 20 ne cikin ɗari, ƙarin dala 6,000 ɗin nan ya haifi wasu dala 1,200, sannan harajin saye na kashi 7.5 ya hau kan duka. Idan kwantenar ta wuce 'yan kwanakin da ake yafewa, kamfanin jirgi zai fara cajin kuɗin jinkiri, tasha ma ta fara cajin kuɗin ajiya, kuma dukansu ƙaruwa suke yi yayin da kwanaki ke tafiya. Abin da ya fi ciwo shi ne jari. Wanda ke juya kuɗinsa sau huɗu a shekara, in jira ya mayar da shi sau biyu, dole ya ninka ribar kowace fanka kafin ya biya haya da yaran shago. Shi ya sa kaya masu girma da araha, kamar katifa da kujeru da tayil, suka fi jin zafin dako fiye da waya, wadda dubbai ke shiga kwantena ɗaya.

Masu cewa dala ce suna da hujja mai ƙarfi, musamman bayan Yunin 2023 da naira ta faɗi daga wajen 460 zuwa fiye da 1,500 cikin shekara guda. Sai dai dako da dala ake biyansa, don haka faɗuwar naira ninka wannan nauyi ta yi. Kuma a 2020, lokacin da tirela ta haura miliyan, naira ba ta yi irin wannan faɗuwa ba. Masu zargin 'yan kasuwa su lura da wata alama: in tsada daga jira take, kayan sukan ɓace daga kasuwa tukuna, sannan su dawo da sabon farashi a kusan kowane shago lokaci ɗaya.

An yi wasu gyare-gyare. A 2021 aka fara kiran tireloli ta manhajar Eto, a 2023 tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki, an kuma buɗe tashoshin tudu a Kaduna a 2018 da Dala a Kano a 2023. Amma tashar tudu ba ta rage ko kwabo sai in jirgin ƙasa yana ɗauko kwantena daga bakin ruwa a ranar da aka sa, kwastan kuma su duba ta sau ɗaya a Kano. Farashin dakon teku ba a hannunmu yake ba. Kwanakin da kwantena ke yi tsakanin jirgi da shago kuwa a hannunmu suke, kuma su ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa su riƙa ƙirgawa suna tuhumar hukuma a kai.