Lent

Lent (suna, namiji, ana kuma cewa azumin Kirista): kwanaki 40 na azumi da addu'a da sadaka da Kiristoci ke yi kafin bikin Ista, don tuba da shirya zuciya, koyi da Yesu Almasihu da ya yi azumin kwana 40 a jeji.

A Cocin Katolika da Angilikan yana farawa ran Larabar Toka, inda ake shafa wa masu ibada toka a goshi, alamar cewa daga ƙasa mutum ya fito, can kuma zai koma. Ba a lissafa Lahadi cikinsa, domin ranar tashin Almasihu ce. A 2025, daga 5 ga Maris zuwa jajibirin Ista, 19 ga Afrilu, kwana 46 ne. A cire Lahadi 6, saura 40.

Ma'anar azumin ta bambanta, kuma kuskure ne a auna shi da na Ramadan. Ɗan Katolika mai shekara 18 zuwa 59 yana cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan taɓawa sau biyu, ran Larabar Toka da Juma'ar tunawa da gicciye Yesu. Ruwa ba ya karya azumin. Kowace Juma'a ta Lent ana barin nama, amma kifi ya halatta. Azumin Kibɗawan Masar da Otodoks na Habasha ya fi tsanani: kwana 55 babu nama, babu madara, babu ƙwai. Yawancin majami'un Baftis da Fentikostal ba sa bin Lent. Su ke tsayar da nasu ranakun azumi, galibi a farkon shekara.

Misali: *Mama ta bar cin nama saboda Lent.*