Yadda Muke Ɗaukar Sakamakon Zaɓe Daga Bakin Rediyo

Samarin da suka gaje mu a ɗakin labarai a nan Maiduguri, Allah ya yi musu albarka, sun ɗauka cewa da zarar an rubuta abin da baturen zaɓe ya karanta a rediyo aiki ya ƙare, sauran kawai a zuba alƙaluma a kwamfuta ta jera su. Alhali kuwa tsakanin maganar da aka ji da jadawalin da ake bugawa akwai hisabi mai zaman kansa, wanda mu muka koya a gaban wani dattijo, almajirin zaure ne kafin ya shiga boko, a zaɓen 1979, lokacin da Borno ta haɗa har da Yobe ta yau, jam'iyyu kuma biyar ne kacal, GNPP ta Waziri Ibrahim ta kai Muhammadu Goni gidan gwamnati.

Malam, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a tafi kai tsaye daga kaset zuwa jadawali. Mutum biyu ne za su saurara, kowa ya rubuta nasa ba tare da leƙen ɗan'uwansa ba, sannan a yi muƙabala, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da yatsa, kamar yadda ake gwada kwafin littafi da asalinsa. Bayan haka kowace ƙaramar hukuma a ba ta katinta guda, a rubuta sunanta, da ƙuri'un kowace jam'iyya, da lokacin da aka karanta ta, domin rediyo yakan maimaita sakamako, wani lokaci kuma ya gyara shi, wanda bai lura ba sai ya ƙirga Biu sau biyu, ko ya riƙe adadin da aka riga aka soke. Inda ba a ji adadi ba a ja layi, kada a sa sifiri, don sifiri shaida ce cewa an karanta, ba a samu ko ɗaya ba.

Babbar fitinar tana cikin fassarar Hausa. Idan mai karatu ya ce "dubu ashirin da biyar", 25,000 yake nufi ko 20,005? Kunne ba zai raba gardama ba, sai lissafi: a tara ƙuri'un jam'iyyu duka su yi daidai da halastattun ƙuri'u, a ƙara waɗanda suka lalace su yi daidai da jimillar da aka kaɗa. In an sami saɓani, Malam yakan ce a fara raba bambancin da tara. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015, wanda Farfesa Attahiru Jega ya jagoranta, an karanta wa Borno 473,543 ga APC, 25,640 ga PDP. To da magatakarda zai rubuta 25,460, jimilla za ta gaza da 180, wanda ya rabu da tara ba saura, wannan kuwa alama ce mai ƙarfi cewa lambobi biyu ne suka yi musayar gurbi, sai a koma kaset a nemi wurin maimakon a sake aikin daga farko. A waccan shekarar ma jam'iyyu 14 aka riƙa karantawa bisa tsarin haruffa, APA tana gab da APC, AD tana gab da ADC, layi ɗaya ya zame duk abin da ke ƙasa ya koma gidan da ba nasa ba.

Jerin kansa, wanda samarin suke gani wasa, shi ya fi jawo mana musu. Da kati a hannu sai ka jera su a tabarma yadda ka so, amma dole ka faɗa wa mai karatu da me ka jera: in da yawan ƙuri'u ne, manyan wurare irin su birnin Maiduguri za su zauna a sama ko da wa ya ci, in da kashi cikin ɗari ne, ƙaramar hukuma mai mutane kaɗan tana iya hawa kansu. Shi ya sa muke ware gurbi na musamman mu nuna inda ɗan takara ya kai rubu'in ƙuri'u, tun da gwamna sai ya samu hakan a sulusi biyu na ƙananan hukumomi, wato 18 daga cikin 27 na Borno ta yau. Wanda ya ga shari'ar 1979 a kan sulusi biyu na jihohi 19, da yadda ƙuri'un Shagari a Kano suka kai maganar har Kotun Ƙoli, ba ya wasa da wannan gurbi. Kwanan baya kuwa na ga jadawalin wani yaro mai layi 29, na duba, ashe ya raba Askira/Uba da Kala/Balge kowace gida biyu, ya bar rabin guraben fayau, aka kuma buga shi haka.