Igiyar maigidana da lissafin tol

Yaran da ke hawa rufi yanzu a Boukoki, da ka ce musu tol nawa ɗaki zai ci, sai su zaro salula, su ninka tsawo da faɗi, su raba, su ba ka amsa suna tsaye a inuwa. Kwana biyu sai ka gamu da mai gida a kasuwar Katako yana neman ciko, kuma sau da yawa irin wanda ya saya ya ƙare, sai ya haɗa da wani mai gora daban, wanda ba ya zama a kan na farko.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da awon ƙasa ba. Igiya gare shi ta rama. Sai an tsai da katakon tsororuwa, sannan ya sa ni in hau in riƙe bakinta a can sama, shi kuma ya ja ta bisa gangare har ta wuce bango da taki guda, ya ƙulle. A ƙasa zai shimfiɗa tol biyu, ɗaya bisa ɗaya yadda za su zauna a sama, ya miƙa igiyar a kansu. In ƙullin ya zarce bakin tol, to ba a zuwa kasuwa sai an sake shawara.

Ga irin abin da igiyar ke kamawa. Ɗauki gida mai tsawon mita 10, faɗin mita 7, rufi mai gangare biyu, tsororuwa ta ɗaga mita 1,20 bisa bango. Yaro zai ce rabin faɗi 3,50, a ƙara santimita 30 na baki, 3,80 ke nan. Tol biyu masu mita bibbiyu, a hau da santimita 20, su ma 3,80. Ya yi murna. Amma tol a kan gangare yake kwanciya, kuma gangaren nan 3,70 ne, da baki ya zama mita 4 cif. Santimita 20 sun ɓace. Daga nan ake fara ha'inci: ko a rage hawan ya koma yatsa uku, iska ta riƙa tura ruwa ta ƙarƙashi, ko a cinye bakin, ruwa ya dinga zuba a jikin bango, in na banko ne damina biyu ta ishe shi. Gyaran gaskiya shi ne layin ƙasa a sa masu mita 2, na sama masu 2,50.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kaya suka yi tsada, masu gida suka koma sayen tsohon tol a Katako, mai hudojin ƙusa a baki. Maigidana kan ce: "Kai yaro, yanke hudar, sannan ka auna." Tol ɗin mita biyu sai ya dawo 1,85, lissafin duka ya canza. A shekarun nan ne na ga amfanin igiya ƙwarai, don babu biyu da suke tsawo ɗaya.

Na bar zancen faɗi. Tol mai santimita 90, in ka hau da gora biyu, 76 kawai yake rufewa. Tsawon gidanmu da baki 30 kowane gefe 10,60 ne. A raba da 0,76, tol 14 a layi. Layi biyu, gefe biyu, 56. Wanda ya raba da 0,90 zai sayo 48. Wasu na hawa da gora ɗaya su tsira da tol ɗaya a kowane layi, ni ban yarda ba, musamman a Yamai inda hadari ke tasowa daga gabas da iska mai ɗage rufi. Shi ya sa muke fara jerawa daga yamma, kowane sabo ya danne na baya, bakin haɗin ya ba gabas baya.

Sai fetiyar, hular tsororuwa, wadda kowa ke mantawa sai ranar rufewa. Mai mita 2, da hawan 20, tana rufe 1,80. Gidan nan shida zai ci. A duba fiffikenta kafin a biya, don dole ya sauka bisa tol da aƙalla santimita 15. Masu ɓoye ƙarancin gangare a nan suke ɓoye shi: su sauko da tol ƙasa, su bar rata a sama, fetiyar ta rufe da ƙyar. Daga waje lafiya lau. Shiga ɗakin da rana kafin a sa silin, ka ɗaga kai: in ka ga haske yana bin tsororuwa, kada ka biya kafinta cikon kuɗinsa.

Yanzu da bak alu ake yankowa daidai tsawon da ka faɗa, hawan tsakiya ya tafi, igiyar ma ta tafi. Sai dai in ka ba masu yanka 3,80 a maimakon mita 4, duka tulin ne ya gajarta, kuma ba sa karɓar abin da suka riga suka yanka.