Santsin motsi a talabijin: abin da ke sauya kamannin fim da yadda ake kashe shi

Santsin motsi wata dabara ce da ke cikin yawancin talabijin na zamani masu faffaɗar fuska. Aikinta shi ne ƙirƙiro hotunan da kyamara ba ta ɗauka ba, ta cusa su tsakanin na ainihi domin motsi ya riƙa tafiya sumul. Kamfanoni da yawa suna fitar da talabijin ɗinsu da ita a kunne, don haka mai saye a Dutsin-Ma ko Kurfi yakan kai akwatin gida ya kafa ba tare da sanin an riga an yi masa zaɓi ba. Alamarta ita ce fim ɗin da aka kashe wa kuɗi da lokaci ya koma kamar bidiyon biki da aka ɗauka da waya. Komai ya fito tangaran, amma 'yan wasa suna zamewa a kan allo kamar an shafa musu mai.

Inda matsalar ta samo asali

Abin da ido ke gani a matsayin motsi jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara haɗa fim da sauti, masana'antar fim ta tsaya a kan hotuna 24 a kowane sakan. Kowane hoto kuma yana ɗauke da ɗan dishi-dishi a duk inda abu ke motsi, saboda bisa al'ada kyamara kan buɗe idonta na kusan kashi 1 cikin 48 na sakan. Wannan adadi da wannan dishi-dishi su ne suka ba fim kamannin da masu kallo suka saba da shi, daga fina-finan Indiya zuwa na Amurka.

Talabijin kuwa da wutar lantarki aka daidaita shi tun farko. A Najeriya da Nijar, kamar a Turai, wuta tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan, shi ya sa tashoshin wannan yanki suke aiki da 25 ko 50. A Amurka adadin 60 ne. Allon talabijin na yau yana sabunta hotonsa sau 50 ko 60 a sakan, masu tsada kuma sau 100 ko 120. Ke nan allon ya fi fim sauri, kuma dole a san abin da za a cike giɓin da shi.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce maimaitawa: a nuna hoto ɗaya sau biyu ko fiye kafin a wuce zuwa na gaba, fim ya tsaya yadda aka ɗauke shi. Ta biyu ita ce ƙirƙira. Na'urar da ke cikin talabijin tana duba hoto na farko da na biyu, ta ƙiyasta inda kowane abu ya nufa, sai ta zana abin da take zaton ya faru a tsakani. Idan fim mai hotuna 24 ya hau allo mai 120 kuma an buɗe dabarar gaba ɗaya, huɗu daga cikin kowane hotuna biyar da mutum ke gani zanen talabijin ne, ɗaya kacal ya fito daga kyamara. Idan shiri mai 25 ne a allo mai 50, rabin abin da ake kallo ƙiyasi ne.

Yadda ake gane tana kunne

Ƙiyasi yana kuskure a wuraren da motsi ya rikice, kuma nan ya kamata a sa ido. Idan mutum ya gifta gaban shinge, ko ganyen bishiya, ko taron jama'a, akan ga wani zobe mai rawa kamar ruwa a kewayen kansa da kafaɗunsa. A fagen rawa ko faɗa, hannu mai sauri yakan rabu biyu ko ya ɓace na ɗan ƙiftawar ido. Rubutun fassara da ke ƙasan allo yakan yage idan hoton bayansa yana gudu. Wani lokacin kuma motsi yakan tafi sumul, ya cije, ya sake sakewa, domin na'urar ta kasa ƙiyasi ta koma maimaitawa na ɗan lokaci.

Waɗannan kurakurai sun fi yawa a fina-finan da aka matse domin su shiga waya, irin waɗanda ake turawa a shagunan tura fina-finai ko ake saukewa da ƙaramar data. Matsewar tana barin ƙananan murabba'ai a hoto, na'urar kuma takan ɗauke su a matsayin abu mai motsi ta bi su.

Sunayen da take ɓuya a ƙarƙashinsu

Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba mata. A Samsung `Auto Motion Plus` ne, a sababbi kuma `Picture Clarity Settings`. A LG `TruMotion` ne, a Sony `Motionflow`, a Panasonic `Intelligent Frame Creation`. Hisense yakan rubuta `Ultra Smooth Motion` ko `Motion Enhancement`, wasu ƙananan kamfanoni kuma `MEMC` kawai suke sawa. Jerin matakan yana ɗan sauyawa daga shekara zuwa shekara, amma kusan kullum yana ƙarƙashin saitin hoto ne, a sashen ƙwararru. Ga misali a Samsung da kuma sababbin LG:

```
Settings > Picture > Expert Settings > Picture Clarity Settings > Off
Settings > Picture > Advanced Settings > Clarity > TruMotion > Off
```

Akwai gajeriyar hanya a talabijin da yawa da aka ƙera daga 2020 zuwa yau. A watan Disamba na 2018 jarumi Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun fitar da ɗan bidiyo suna roƙon masu kallo su kashe dabarar kafin su kalli fim ɗinsu a gida. A watan Agusta na 2019 ƙungiyar kamfanoni ta UHD Alliance, da goyon bayan daraktoci irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan, ta sanar da `Filmmaker Mode`. Zaɓar wannan yanayi yana kashe santsin motsi, ya rage ƙarin kaifin hoto, ya mayar da launi kusa da yadda aka tace fim ɗin. Wanda ya saba da allo mai haske da shuɗi-shuɗi zai ga kamar hoton ya dushe ya yi ɗan rawaya. Ana iya ƙara hasken allo ba tare da an taɓa saitin motsi ba.

Misali: talabijin ɗaya, ƙwallo da fim

A ɗauka akwai gidan kallo a Ɗantutture mai talabijin ƙirar LG guda ɗaya. Dikodar tauraron ɗan'adam tana jone a `HDMI 1` domin wasannin ƙwallon Turai, ranakun da babu wasa kuma ana sa fina-finan Kannywood da na Indiya daga filas ta ramin `USB`. 'Yan kallo suna ƙorafin fim ya zama kamar wasan daɓe, mai gidan kuma yana tsoron taɓa saiti kada ƙwallo ta lalace.

Abin da zai sauƙaƙa masa shi ne yawancin talabijin suna ajiye saitin hoto daban ga kowace mashiga da kowane yanayin hoto. Sai ya fara sa fim daga filas, ya nemi wurin da kyamara ke juyawa a hankali ko ake rawa. Fim ɗin yana tafiya zai buɗe saiti, domin a wasu talabijin zaɓin ba ya taɓuwa sai da hoto a kan allo. Ya zaɓi `Filmmaker Mode` ko `Cinema`, ya shiga `TruMotion` ya tabbatar yana kan `Off`, sannan ya maimaita wurin da ya kalla. Zoben da ke kewaye da 'yan wasa ya kamata ya ɓace. Idan ya ga zaɓin da ke cewa a yi amfani da saitin a dukkan mashigai, kada ya taɓa shi.

Daga nan ya koma `HDMI 1`. Ƙwallo ana watsa ta da motsi 50 a sakan, wato ta riga ta ninka fim sau biyu tun daga kyamara, don haka ko da dabarar a kashe ba za ta yi tsalle-tsalle ba. Idan allonsa mai 100 ne, ɗan santsi kaɗan yana iya ƙara fito da 'yan wasa yayin da kyamara ke gudu. Idan kuwa ƙwallon tana ɓacewa ko tana zama biyu a dogon bugu, saitin ya yi yawa, sai a rage.

Abin da kan biyo baya

Bayan kashewa wasu sukan ga fim yana ɗan tsinkewa idan kyamara ta juya. Iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Na farko ɗabi'ar hotuna 24 ce, tafiyarsa daidai take, ido kuma kan saba da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya fi fitowa a allon `OLED`, wanda ke sauya hoto nan take. Na biyu ɗingishi ne na lissafi. Ba a raba 60 gida 24 daidai, don haka allo mai 60 yana riƙe hoto ɗaya sau uku, na gaba sau biyu, haka har ƙarshen fim. Maganin wannan shi ne saitin da ke gano fim ya daidaita maimaitawar, wanda LG ke kira `Real Cinema` ko `Cinema Screen`, Sony kuma `CineMotion` ko `Film Mode`. Wannan a bar shi a kunne, domin ba ya zana sabon hoto. Haka kuma dikoda ko akwatin intanet da aka saita a `60Hz` zai sa shirin da aka yi da 25 ya yi ɗingishi, alhali a `50Hz` kowane hoto sau biyu zai fito cif.

Wanda bai jure tsinkewar ba yana iya bin tsaka-tsaki. A Samsung ya zaɓi `Custom`, ya sa `Judder Reduction` a kan 1 ko 2 daga cikin 10. A LG kuma `User Selection` ne, sannan `De-Judder`. Wannan ma'auni shi ne ke cusa hotuna cikin fim, kuma da zarar ya haura 3 ko 4 kamannin bidiyon biki sukan fara dawowa.

Idan saitin yana komawa yadda yake da kansa, a duba ko talabijin ɗin yana kan `Store Mode` ko `Retail Mode`, yanayin da ake nuna shi a kanti, wanda ke goge gyaran mai shi. A mayar da shi `Home Mode`. Idan kuma an kashe komai amma fim bai sauya ba, santsin yana cikin fayil ɗin ne: ko an ɗauki shirin da 50 ko 60 tun asali, ko wani ya bi da shi ta manhaja kafin ya ɗora a intanet. Akwai ma daraktocin da suka zaɓi hakan da gangan, kamar Peter Jackson da ya ɗauki *The Hobbit* na 2012 da hotuna 48, da Ang Lee da ya ɗauki *Gemini Man* na 2019 da 120. Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin sunayen nan a saitin, mai yiwuwa talabijin ɗin daga cikin ƙanana masu araha ne da ba a sa musu dabarar ba, sai a nemi dalilin a dikoda ko a fayil.