Daga tsohon shaf zuwa takarda: yadda zane ya koyi faɗin gaskiyar ƙarfe

A ƙasar rake, daga Dandamisa zuwa Makarfi, Kudan da Ikara, lokacin matsa ba ya jiran kowa. Raken da aka sare ya kwana biyu a ƙasa ruwansa raguwa yake yi, mazarƙwailarsa kuma ba ta yin kyau. Shi ya sa idan shaf ɗin da ke ɗauke da fulin injin matsa ya lalace, mai injin ba ya ɓata lokaci. Zai kwance shi, ya ɗaura a bayan babur, ya nufi Sabon Garin Zariya ko Pantekar Kaduna, ya miƙa wa mai sassaƙa ƙarfe ya ce a yi masa irinsa.

Matsalar tana cikin wannan “irinsa”. Shaf ɗin da aka kawo ya riga ya cinye a daidai wurin da boris ke zama, kuma cinyewar ce ta sa aka kawo shi. Wanda ya auna shi ya kwafa, to lalacewar ya kwafa. Ainihin awon da maƙeran farko suka nufa ba ya jikin ƙarfen, yana kan takarda. Sana'ar zanen injiniya ta shafe fiye da shekara 200 tana koyon yadda za ta adana wannan awo.

Kafin ƙarni na 19, yawancin maƙeran duniya da samfuri suke aiki, kamar yadda har yau ake yi a kasuwanninmu. Wanda ya ɗora zane a kan ƙa'ida shi ne Bafaranshe Gaspard Monge, malami a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières. Ya tsara yadda za a kalli abu ta gaba, ta sama da ta gefe, a shimfiɗa kowane kallo a takarda ɗaya, ta yadda kowane tsawo zai fito da gaskiyarsa. Sojan Faransa sun riƙe dabarar a matsayin sirri na shekaru. Sai a 1795 ya koyar da ita a fili a Paris, littafinsa kuma ya fito a 1799.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma rabuwar tana nan har gobe. A tsarin kusurwa ta ɗaya, wanda Turai da Indiya da Sin suke bi, abin da aka hango ta hagu a dama ake zana shi. A tsarin kusurwa ta uku, na Amurka da Japan, abin da aka hango ta hagu a hagu yake zama. Alamar da ke bambanta su wani ɗan tsinin mazurari ne mai yankakken kai, da da'ira biyu a gefensa, a cikin akwatin bayani na ƙasan takarda. Wanda bai duba ta ba zai iya huda ramuka huɗu daidai da awonsu, amma a ɓangaren da ba nasu ba. Saboda haka gogaggen ma'aikaci daga wannan akwati yake fara karatu: sunan kayan, irin ƙarfen, sikeli, tsarin kusurwa, da ko awon inci ne ko milimita.

Wannan ilimi ya shigo Arewa ne a bayan jirgin ƙasa, wanda ya iso Zariya da Kano a 1911. Ma'aikatan gyaran jirgi da na hukumar ayyuka sun koyi karanta zanen Ingila, a inci da gutsattsarinsa, kuma tun daga 1927 zanen Ingila yana da kundin ƙa'idarsa mai suna BS 308. Makarantar koyon sana'a ta Kaduna da aka buɗe a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, su suka yaye waɗanda suka yaɗa shi. A shekarun 1970 Najeriya ta koma awon mita, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 da zanen Faransa. Sai dai tsofaffin injuna ba su san an sauya doka ba. Har yanzu akwai boris mai gida UC208, mai ramin milimita 40, da ɗan'uwansa UC208-24, mai ramin inci ɗaya da rabi, wato milimita 38.1, kuma gidansu ɗaya ne. Daga waje ba a bambanta su sai an karanta lambar.

Kallo uku ba su isa su nuna cikin abu ba. Ana iya zana ramukan ciki da tsinkakkun layuka, amma a gidan boris mai matakai da yawa layukan kan cakuɗe. Nan zanen yanka ya shigo. Mai zane yakan ɗauka ya tsaga kayan, kamar yadda ake tsaga karan rake a ga lafiyar cikinsa, sannan ya zana fuskar da wuƙar ta bi. Layi mai kibiya biyu da haruffa A–A yana nuna inda aka yanka da ɓangaren da ake kallo. Duk inda aka ratsa ƙarfe ana cike shi da siraran layuka masu karkata digiri 45, inda babu layukan kuma rami ne. Idan kaya biyu suna manne, layukan kowanne sukan karkata wani ɓangare daban.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke rikita sabon shiga. Shaf, noti, ki da haƙarƙarin ƙarfafawa ba a yi musu waɗannan layuka idan an yanka su a tsawonsu. Ɗalibi kan ga fili fari a tsakiyar zanen fuli ya zaci rami ne, alhali shaf ne cikakke a zaune.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da masana'antu suka amince cewa babu injin da ke fitar da 40 cif. Abin da za a iya nema shi ne awo ya faɗa tsakanin iyaka biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce rangwamen awo. Ingila ta bi ta tsare-tsare daban-daban kafin ƙasashe su haɗu a kan tsarin da yau ake kira ISO 286, wanda ya fara fita a 1962. A cikinsa harafi yana faɗin inda rangwamen ya zauna, lamba kuma tana faɗin faɗinsa. Babban harafi na rami ne, ƙarami na shaf.

A koma ga shaf ɗin injin matsa. A ce boris ɗinsa 6208 ne: raminsa milimita 40, bayansa 80, kaurinsa 18. A zane mai kyau, wurin zamansa zai ɗauki rubutun Ø40 k6. Alamar Ø tana nufin faɗin da'ira, ba rabinsa ba, domin rabi da R ake rubuta shi. Shi kuwa k6, a wannan girma, yana nufin shaf ɗin ya kasance tsakanin 40.002 da 40.018. Masu ƙera boris suna fitar da raminsa tsakanin 39.988 da 40.000. Idan aka haɗa biyun, shaf ya fi ramin girma ko da yaushe, daga 0.002 zuwa 0.030. Ke nan ba zai shiga da hannu ba, kuma da gangan aka yi haka.

Dalili yana ga bel. Bel yana jan fuli ta ɓangare ɗaya kullum, shaf kuma yana juyawa a ƙarƙashin wannan ja. Idan zoben ciki na boris bai kama shaf tsam ba, sai ya riƙa rarrafe a kansa kaɗan-kaɗan. Alamarsa ita ce wani jan gari mai kama da tsatsa a bakin boris, da wurin zaman da ya yi sheƙi, sannan jijjiga. Shaf ɗin da ya iso Zariya yana auna 39.92 irin wannan rarrafen ne ya cinye shi. In aka sassaƙa sabo a 39.92, ranar farko zai fara daga inda tsohon ya mutu. Buga masa tabo da fanci don ya kama, kamar yadda ake yi idan an matsu, ba ya daɗewa, domin tsinin tabon nan da nan yake kwanciya.

Wuce gona da iri ma ɓarna ce. Shaf mai 40.05 zai buɗa zoben ciki har ya cinye ɗan sararin da ƙwallayen ke bukata. Boris zai yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, giris ya narke ya zubo. Hanyar sa shi daidai ita ce a ɗumama boris a cikin mai zuwa digiri 80 ko 100, kada a haura 120, sai ya zura da kansa ba tare da guduma ba.

Duk faɗin rangwamen k6 a nan 0.016 ne. Baniya ta yau da kullum tana karanta 0.02, wata ma 0.05, wato taki ɗaya nata ya fi rangwamen gaba ɗaya. Wannan wuri aikin maikuromita ne, kuma a auna a wurare biyu ko uku, a juya a sake, don a gano ko shaf ya yi ƙwai ko ya tsuke ta gefe guda. Gidan boris kuwa Ø80 H7 ake rubuta masa, daga 80.000 zuwa 80.030, domin zoben waje ba ya juyawa, kuma ana so ya iya ɗan matsawa idan shaf ya miƙe da zafi.

Sauran alamomin da ke kewaye da wurin kowacce da aikinta. R1 a gindin kafaɗar shaf yana cewa a bar ɗan lanƙwasa na milimita ɗaya. In aka yi shi kaifi, daga nan tsagewa ke farawa. In ya yi yawa, boris ba zai jingina da kafaɗar ba. Ƙaramin zanen yanka B–B yana nuna gurbin ki, faɗi 12, zurfi 5, na ki mai 12 × 8. Alamar santsi mai Ra 0.8 tana cewa wurin ya sha gogewa, kada a bar shi da sawun wuƙa.

Mataki na ƙarshe a tarihin ya fito ne daga masana'antar makaman ruwa a Sikotilan, wajen 1940. Wani injiniya, Stanley Parker, ya lura ana zubar da kayan da za su yi aiki lafiya. Idan aka ce matsayin rami ±0.1 ta tsaye da ta kwance, an yarda ya kauce 0.14 ta kusurwa, amma an hana shi kaucewa 0.12 a miƙe. Da aka mai da filin da'ira mai faɗin 0.28, rangwamen ya ƙaru da kashi 57 cikin 100, noti kuma yana shiga. Daga wannan tunani ƙananan akwatunan nan masu alama da lamba da harafi suka samo asali. A zanen shaf, kibiya ɗaya da 0.02 da A–B suna nufin a ɗora shi a kan wuraren zaman boris biyu, a juya shi, allurar agogon awo kada ta motsa fiye da 0.02 a mazaunin fuli.

Yau allon zane ya ba kwamfuta wuri, Ingila ma ta maye gurbin BS 308 da BS 8888 a 2000, amma k6 da H7 ba su sauya ba. Mai injin da ba shi da zanen kamfani yana iya sake gina rabinsa daga lambar da ke jikin boris: a irin 6208, lambobi biyu na ƙarshe sau biyar su ne faɗin ramin, 08 ya ba da 40. Da wannan lamba, da tsawon kowane mataki, da faɗin ki, mai sassaƙa a Zariya zai iya buɗe teburin ISO 286 ya fitar da shaf a kan awonsa na asali.