Saɓanin Masana Kan Faɗuwar Tsohuwar Daular Katsina

Kafin jihadi, ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa tana cikin yankin da ake kira Katsina Laka, wato kudancin daular Katsina mai ruwan sama da ƙasar noma, inda garuruwa irin su Pauwa, Birnin Kogo, Maska da 'Yandoto suka yi suna. Daular ta faɗi wajen 1807, lokacin da jama'ar Shehu, ƙarƙashin Ummarun Dallaje, Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, suka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Dankama, magadansa kuma suka kafa Maraɗi. Har yau, in aka zaunar da masana tarihi biyu a gidan rediyo kan dalilin wannan faɗuwa, da wuya su rabu baki ɗaya, kuma saɓanin nasu tsoho ne.

Ra'ayi na farko daga marubutan zamanin Turawa ya fito, irin su Hogben da Johnston. A ganinsu, Fulani ne suka tashi suka ci sarakunan Haɓe, bayan yaƙe-yaƙe da Gobir, musamman zamanin Bawa Jan Gwarzo, sun riga sun raunana Katsina.

Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, malamin Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙi wannan a littafinsa na 1981. Ya ce a bar zancen ƙabila, a duba cikin gida: garuruwa sun bunƙasa, malamai da fatake da masu sana'a sun yawaita, fada kuwa tana ɗora jangali da kuɗin ƙasa da kamen soja, tana kuma riƙe da tsafin Durɓi da na Inna. Sarautar ce ta kasa ɗaukar al'ummar da ta girma a hannunta.

A 'Yandoto, kusa da Tsafe, ake gwada ƙarfin kowace hujja. Gari ne na malamai Musulmi, da ɗalibai da littattafai, amma ya ƙi bin Shehu, har Muhammadu Bello ya yaƙe shi ya tarwatsa shi wajen 1806. In rigimar ta Musulunci da maguzanci ce kawai, me ya sa malamai suka tsaya wa sarki? Mai bin Bala zai ce sun saba da fada, suna da abin da za su rasa. Abokin gardamarsa zai ce komai dalilinsu, takobi ne ya raba gardama. A nan hujjar Bala ta fi nauyi, domin ita ce ta bayyana yadda malamai suka rabu gida biyu a ƙasa ɗaya.

Inda ɗaya ɓangaren ke da gaskiya shi ne ɓarnar yaƙi. Bayan faɗuwar daular, hare-haren Maraɗawa ta dajin Rugu sun hana fatake sakewa, kasuwa ta koma Kano. Da Baturen matafiyi Barth ya shiga Katsina a 1851, ya ƙiyasta mutanen cikin makekiyar ganuwar birnin ba su wuce dubu takwas ba.